Kore Uku, Tambari Ɗaya: Yadda Ake Ciro Lambobin Kala daga Hoton Tambari

Duk wanda ya halarci makon ƙungiyar sashenmu a zangon da ya wuce ya ga abin da ya faru, ko da bai ce komai ba. Kyallen sanarwar da aka rataye a bakin zauren taro korensa ya yi duhu kamar ganyen mangwaro. Rigunan da 'yan kwamiti suka sa korensu ya yi haske kamar ɗanyen lemo. Takardar shaidar da aka raba wa waɗanda suka yi fice kuwa korenta har ya soma karkata zuwa shuɗi. Tambari ɗaya ne, amma kore uku, kuma duka da kuɗin harajin ɗalibai aka biya.

Ba ha'inci aka yi mana ba. Wanda ya zana tambarin ya kammala karatu shekaru da suka wuce, ainihin fayil ɗin ya tafi da shi, abin da ya rage a hannun ƙungiya kawai hoton allo ne, wato sikirinshot, da ake ta turawa daga waya zuwa waya. Duk mai shagon ɗab'in da aka kai wa aiki sai a ce masa, "Oga, kore za ka sa mana, irin wannan." Shi kuma ya duba da ido, ya zaɓi wanda ya ga ya yi kama. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A harkar kala dai kimar ido ba ta isa, mudun ake bukata, kuma mudun shi ne lambar heks.

Bayan taron ne aka ɗora mini aikin gyara wannan matsala. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda na bi, daga sikirinshot ɗin nan har zuwa takarda guda mai ɗauke da lambar kowace kala da aikin da za ta riƙa yi.

Mece ce lambar heks?

Allon waya ko na kwamfuta da ƙananan ɗigo aka gina shi, kowane ɗigo ana kiransa fiksel. Kowane fiksel yana haɗa haske uku ne: ja, kore da shuɗi. Shi ya sa za ka ga an rubuta RGB a manhajojin zane. Ƙarfin kowane haske yana farawa daga 0, wato a kashe, zuwa 255, wato iyakar ƙarfinsa. In ka faɗi ƙarfin ukun nan, ka faɗi kalar ke nan, babu sauran gardama.

Lambar heks gajeriyar hanya ce ta rubuta waɗannan lambobi uku. Tana farawa da alamar `#`, sai gurabe shida su biyo baya: biyun farko na ja, biyun tsakiya na kore, biyun ƙarshe na shuɗi. Ana ƙirga ta da goma sha shida-sha shida ne maimakon goma-goma, don haka bayan 9 sai a ci gaba da haruffa: A tana nufin 10, B 11, haka har F da ke nufin 15.

Ɗauki `#0B6B3A`, wadda za mu yi ta haɗuwa da ita a wannan rubutu. Don gane ƙarfin kore a cikinta, sai ka duba `6B`. Ka ninka 6 sau 16, ka samu 96, ka ƙara B wato 11, ya zama 107. Haka `0B` ke ba da 11, `3A` kuma ta ba da 58. Ma'ana ja kaɗan ne ƙwarai, kore ya fi yawa, shuɗi na biye. Ko ba ka ga kalar ba, ka san kore ce mai duhu. `#FFFFFF` fari ne tas domin duka ukun sun kai ƙarshe, `#000000` kuma baƙi ne ƙirin domin duka a kashe suke. Da wannan tsari ana iya rubuta kala sama da miliyan 16. To ka ga kalmar "kore" ita kaɗai ba za ta iya nuna wa mai shago wacce kake nufi ba.

Sikirinshot ba ya faɗin gaskiya duka

Da farko na ɗauka aikin minti biyu ne: in buɗe hoton, in danna kan koren, in kwafe lambar. Da na danna sau biyar a wurare daban-daban, sai na samu lamba biyar daban-daban. Akwai dalilai, kuma wanda bai san su ba zai kwafi lambar da ba ta cikin tambarin sam.

Dalili na farko shi ne matsi. Idan aka tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana rage masa nauyi ta mayar da shi JPEG. Shi kuma JPEG yana raba hoto gida-gida, kowane gida fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da wasu bayanai da yake ganin ido ba zai lura ba. Yawanci bayanin kala ya fi zubarwa a kan bayanin haske. Shi ya sa filin da asalinsa kore ɗaya ne sak yake komawa koraye masu ɗan bambanci, musamman kusa da rubutu da layuka. Duk lokacin da wani ya sake ɗaukar sikirinshot ya tura, ɓarnar tana iya ƙaruwa.

Dalili na biyu yana bakin zane. Don kada layi mai lanƙwasa ya fito da haƙora kamar zarto, kwamfuta tana cakuɗa kalar zanen da ta bayansa a daidai iyaka. A tambarinmu, inda kore ya haɗu da fari akwai fiksel masu lamba kusan `#85B59D`, wani kore mai ruwan toka. Wannan ba kalar tambari ba ce, rabin kore ne rabin fari. Idan hannunka ya kauce ka danna nan, ka ɗauko kalar da mai zanen bai taɓa zaɓa ba.

Dalili na uku shi ne bango. Tambura da yawa ba su da bango, wato bayansu a buɗe yake. Idan wanda ya ɗauki sikirinshot ya sa wayarsa a yanayin duhu, za ka ga baƙi ko ruwan toka mai duhu a bayan tambarin, ka ɗauka yana cikin zanen, alhali na manhajar ne. Haka layin sama mai nuna lokaci da cajin batir, shi ma ba ruwansa da tambari.

Sai kuma abin da ya fi duka muni: ɗaukar hoton tambari da kyamara daga jikin riga, allo ko fuskar kwamfuta. Nan hasken ɗakin ya shiga, inuwa ta shiga, kyamarar ma ta yi nata gyaran. Farin takarda zai fito ruwan madara, kore ya koma wani abu daban. Irin wannan hoton bai dace da ciro lamba ba, sai dai in babu wani gaba ɗaya.

Saboda haka matakin farko ba danna komai ba ne, neman hoto mafi tsabta ne. Na bi tsofaffin shugabannin ƙungiya ɗaya bayan ɗaya har na samu wata tsohuwar sakatariya da ke da sikirinshot ɗin da ta ɗauka kai tsaye daga wata takardar PDF ta ƙungiya. Na roƙe ta ta turo shi ta `Document` maimakon `Gallery`, domin ta nan WhatsApp ba ya matse fayil. In da hali, a zuƙo tambarin ya cika allo kafin a ɗauka, a kuma ajiye shi a PNG, wanda ba ya zubar da bayani. In kuwa takardar PDF ɗin kanta ta samu, ta fi sikirinshot daraja, don sau da yawa ana iya buɗe ta a CorelDRAW ko Inkscape a ga ainihin kalar.

Yadda na ɗauki lambobin

Kusan kowace manhajar zane tana da ɗan kayan aiki mai siffar abin ɗiga magani a ido. A Paint da GIMP sunansa `Color Picker`, a Photoshop `Eyedropper`, a CorelDRAW kuma `Color Eyedropper`. Ka zaɓe shi, ka danna wuri a hoto, ya nuna maka lambar kalar wurin. Ni GIMP na yi amfani da shi domin kyauta ne kuma yana kan kwamfutocin da na samu.

Na fara da yanke hoton, na bar tambarin kaɗai. Sannan na zuƙo shi sosai har fiksel suka fito kamar tayil. A nan ne za ka ga inda kala take kwance lafiya da inda ta dagule. Tambarin namu garkuwa ce kore, a tsakiyarta akwai gargaren inji mai ruwan ɗorawa, a samansa ɗan harshen wuta ja, a ƙasa kuma sunan ƙungiya da baƙin rubutu, duka a kan farin bango.

Na danna wurare biyar a tsakiyar garkuwar, nesa da baki, nesa da gargaren. Ga abin da na samu:

```
#0A6A39   #0C6C3C   #0B6B3A   #0D6938   #096D3B
```

Lambobin sun bambanta amma 'yan gida ɗaya ne. Idan ka mayar da su lambobin yau da kullum, ja yana yawo tsakanin 9 da 13, kore tsakanin 105 da 109, shuɗi tsakanin 56 da 60. Na haɗa na kowane haske na raba biyar, sai ja ya ba da 11, kore 107, shuɗi 58. Wato `#0B6B3A`. In ba ka son lissafi, GIMP yana da zaɓin `Sample average` da ke ɗaukar matsakaicin fiksel da ke kewaye da inda ka danna, a Photoshop kuma sai ka sa `Sample Size` a kan `5 by 5 Average`. Sai dai ka kula kada da'irar ta taɓa bakin zane, don za ta kwaso fari ta haɗa.

Ga yadda za ka san ko sakamakonka abin dogaro ne. Idan bambancin da ke tsakanin dannawa bai wuce uku ko huɗu ba a kowane haske, matsi ne kawai, matsakaicin ya wadatar. Idan kuwa ka ga ya kai ashirin ko talatin, kuma yana ƙaruwa a jere daga sama zuwa ƙasa, to ba kala ɗaya ba ce, mai zanen ya sa kala mai sauyawa a hankali daga haske zuwa duhu. A irin wannan sai ka ɗauki lamba biyu, ta farkon da ta ƙarshen, ka rubuta cewa tare suke tafiya.

Gargaren ya ba ni `#F2B705` ba tare da wahala ba, domin yana da faɗi. Harshen wutar ne ya ba ni aiki, saboda ƙarami ne kuma jan ya ɗan malala zuwa gefe. Fiksel kaɗan ne a tsakiyarsa suka tsira, daga su na samu `#C62828`. Rubutun kuma siriri ne, kusan duk inda na danna ruwan toka nake samu, domin harafin bai kai kaurin da tsakiyarsa za ta kuɓuta daga cakuɗuwa da fari ba. Sai na nemi harafi mafi kauri, na ɗauki fiksel mafi duhu a cikinsa, ya ba ni `#1F1F1F`. Bangon ya nuna `#FEFEFE` a wasu wurare, `#FDFEFD` a wasu. Babu mai zanen da zai zauna ya zaɓi irin wannan, fari ne matsi ya taɓa, don haka na rubuta `#FFFFFF`.

Ga 'yan sashen kwamfuta da ke son gajeriyar hanya, ImageMagick yana iya taƙaita hoto zuwa kaloli kaɗan ya kuma ƙirga fiksel nawa kowace ta ci:

```
magick tambari.png +dither -colors 8 -format %c histogram:info:-
```

Zai jero layuka, kowane da adadin fiksel da lambar heks. Amma kada ka kwafe jerin ido rufe. A nawa gwajin ya kawo kalolin bakin zane a matsayin kaloli masu zaman kansu, jan harshen wutar kuma da ƙyar ya samu shiga saboda ƙanƙantarsa. Amfanin umarnin shi ne nuna maka yawan filin da kowace kala ta mamaye. A tambarinmu fari ya ci kusan kashi 52 cikin 100, kore 31, ruwan ɗorawa 9, baƙi 5, ja 3.

Wanda ke son gwada hannunsa kafin ya taɓa aikin ƙungiya, ya ɗauki sikirinshot na tambarin Google, wanda lambobinsa sanannu ne. Shuɗinsa `#4285F4` ne, jansa `#EA4335`. In abin da ka samu ya yi kusa da waɗannan, hanyarka daidai take. In ya yi nisa, ko dai ka danna baki, ko hoton ya sha matsi, ko kuma na'urar da aka ɗauke shi da ita tana ajiye kala a wani tsari mai faɗi da ake kira Display P3, kamar yadda wayoyin iPhone ke yi. Lambar heks ta shafukan intanet da tsarin sRGB take aiki, don haka idan GIMP ya tambaye ka ko ya mayar da hoton zuwa sRGB lokacin buɗewa, ka amsa masa da `Convert`.

Raba wa kowace kala aikinta

Jerin lambobi biyar bai zama tsarin kalar ƙungiya ba tukuna. In ka miƙa wa sakataren yaɗa labarai su haka kawai, gobe za ka ga fasta mai jan bango da koren rubutu, kuma ba za ka iya cewa ya saɓa doka ba tunda duka kalolin ƙungiya ne. Dole a faɗi aikin kowace. Tambayoyi biyu ne suka yi mini jagora: wace kala mutane ke gane ƙungiyar da ita, kuma wace kala ake iya karanta rubutu a kanta?

Tambayar farko ba yawan fili kaɗai ke amsa ta ba. Fari ya fi kowa yawa, amma ba wanda zai ce mu 'yan farar ƙungiya ne. Bango ne kawai. Idan ka cire fari da baƙi, wadda ta fi yawa a cikin sauran ita ce babbar kala, a nan kore. Ruwan ɗorawa ke bi mata, ita ce mataimakiya. Ja kuwa ɗan mitsitsi ne a tambarin, don haka a fasta ma ɗan mitsitsi ya kamata ya zama, a ajiye shi don abin da ake so ido ya fara sauka a kai. Masu zane suna da wani ƙiyasi da suke kira 60-30-10: kashi 60 na shafi ga kala mai rinjaye, wadda sau da yawa bango ce, 30 ga ta biyu, 10 ga ta jan hankali. Ba doka ba ce, amma tana hana shafi komawa kamar rumfar mai sayar da atamfa.

Tambaya ta biyu ita ce ke da ma'auni. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ƙa'idar WCAG 2.0 a 2008, a ciki akwai yadda ake auna tazarar haske tsakanin rubutu da bangonsa. Ma'aunin yana farawa daga 1, wato kala ɗaya ce a kan kanta, zuwa 21, wato baƙi a kan fari. Ƙaramin rubutu yana bukatar aƙalla 4.5, babban rubutu irin na kanun fasta kuma aƙalla 3. Ba sai ka yi lissafin da hannu ba. Akwai shafin `Contrast Checker` na WebAIM, ka zuba lambar rubutu da ta bango ya ba ka amsa nan take.

Da na auna namu, farin rubutu a kan koren ya ba da kusan 6.6, haka ma koren rubutu a kan fari, don haka duka biyun sun wuce. Baƙin a kan fari ya kai kusan 16.5. Ruwan ɗorawa a kan fari kuwa 1.8 kacal ya samu. Nan na gane dalilin da ya sa a fastar bara ba wanda ya iya karanta lokacin taro daga nesa, har wasu suka zo bayan an tashi: da ruwan ɗorawa aka rubuta shi a kan fari. A allon wayar wanda ya zana ya yi kyau, a jikin allon sanarwa da rana tsaka ya ɓace. Ruwan ɗorawa a kan kore ya ba da kusan 3.6, wato ya isa babban kanu amma bai isa ƙaramin rubutu ba. Baƙin rubutu a kan ruwan ɗorawa ya kai 9, ya yi kyau sosai.

Jan ne ya fi ba ni mamaki. A kan fari ya samu 5.6, lafiya lau. A kan koren kuwa bai kai 1.2 ba. Ido na ganin ja da kore a matsayin kaloli masu nisa da juna, amma duhunsu kusan ɗaya ne. In aka yi hoton takardar baƙi da fari, kamar yadda ake yi wa yawancin sanarwarmu a shagunan bakin ƙofa, rubutun zai nutse cikin bangon. Ga kuma ɗaliban da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, matsalar da ta fi yawa a maza, su tun a kala ma ba za su gani ba. Shi ya sa a cikin tambarin mai zanen ya zagaye harshen wutar da siririn farin layi. Ya san abin da yake yi.

Ga jerin da na miƙa wa kwamiti:

- `#0B6B3A`, kore mai duhu: babbar kala. Kanun takarda, bangon kyallen sanarwa, launin riga. Rubutun da za a ɗora a kanta ya zama fari.
- `#F2B705`, ruwan ɗorawa: mataimakiya. Layukan ado, akwatin da ke ɗauke da kwanan wata, babban kanu a kan kore. Ba a rubutu da ita a kan fari.
- `#C62828`, ja: ta jan hankali. Ranar rufe rajista, gargaɗi, kalma ɗaya ko biyu. A kan fari kawai, ba a kan kore ba.
- `#1F1F1F`, baƙi mai ɗan sassauci: doguwar magana a kan fari ko a kan ruwan ɗorawa. Ba a kan kore ba, don tazararsu 2.5 ce.
- `#FFFFFF`, fari: babban bango, da rubutu a kan kore.
- `#E7F0EB`, kore mai haske sosai: bangon jadawali da akwatunan bayani.

Ta ƙarshen nan ba ta cikin tambarin, ni na ƙara ta, kuma na rubuta haka ƙarara a takardar don kada wani ya zo ya cusa ta cikin zanen. Na same ta ne ta haɗa kashi 10 na koren da kashi 90 na fari. Dalili shi ne jadawalin lacca ko na gasar ƙwallo yana bukatar bango mai laushi da zai raba layi da layi, kuma in ba a tanadi ɗaya ba kowa zai ƙirƙiro nasa. Baƙin rubutu a kanta yana ba da kusan 14, koren rubutu kuma sama da 5.

Inda lambar heks ta tsaya

Da na kai takardar shagon da ke buga mana kyalle, mai shagon ya duba ya ce, "Ɗalibi, wannan lambar ta allo ce. Injina da tawada yake aiki." Gaskiya ya faɗa. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada ake zuba mata, kala huɗu da ake kira CMYK. Akwai kaloli masu ƙyalli da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya kaiwa, musamman kore da shuɗi masu haske sosai. CorelDRAW zai mayar maka da heks zuwa CMYK, amma abin da zai fito ya danganta da injin, da tawadar, da abin da aka buga a kai. Kore ɗaya a kan takarda mai sheƙi, da kan ledar kyalle, da kan audugar riga ba zai zama iri ɗaya sak ba.

Abin da lambar ke yi shi ne ta sa kowa ya tashi daga wuri ɗaya. Sauran aikin na gwaji ne. Na ce masa, "Oga, to a buga mana ɗan guntu mu gani kafin a saki babban." Ya buga tambarin a ɗan yanki kamar tafin hannu, muka fita da shi waje muka duba a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Na farko ya ɗan yi duhu, ya rage baƙar tawada, na biyu ya zauna. Na sa ya rubuta mini lambobin CMYK da ya yi amfani da su a bayan guntun, muka ajiye shi a fayil ɗin ƙungiya. Mai buga riguna kuma, wanda fenti yake haɗawa da hannu, guntun nan muka kai masa ya kwatanta, don shi lambar heks ba ta gaya masa komai.

Akwai wata iyakar da ya kamata a faɗa. Lambar da aka ciro daga sikirinshot kusa take da asali, ba lallai ta zama asalin ba. Mai yiwuwa wanda ya zana tambarinmu `#0A6B3B` ya sa, ba `#0B6B3A` ba. Ido ba zai ga bambancin ba, kuma tunda ƙungiyar tamu ce, abin da kwamiti ya amince da shi ya zama doka daga yau. Amma in tambarin wani kamfani ne ko banki da ya ɗauki nauyin taronku, kada ku yi masa haka. Manyan kamfanoni suna da takardar ƙa'idar tambarinsu mai ɗauke da ainihin lambobi, ku nemi fayil ɗin da lambobin daga hannun wanda ya ba ku tallafin. Haka tambarin makaranta, a nemi ainihinsa daga ofishin da ke kula da shi. Sauya wa mai tallafi kalar tambari, ko da bisa kuskure ne, na iya sa baɗi ya ƙi ɗaga wayarku.

Yanzu takardar tamu shafi ɗaya ce: tambarin a sama, akwatuna shida masu kala a ƙasa, kowane da lambar heks, da lambobin RGB, da layi ɗaya mai faɗin inda ake sa shi da inda ba a sawa. Mun ajiye ta a imel ɗin ƙungiya tare da tambarin a PNG, an kuma sa ta cikin kayan da shugabanni masu barin gado za su miƙa wa masu shigowa. Idan taku ƙungiyar ma da sikirinshot take rayuwa, ku nemi mafi tsabtarsa tun yanzu, tun waɗanda ke da shi ba su karɓi sakamakonsu sun bar makaranta ba.